Batir a Cike, Tocila a Duhu: Tambaya da Amsa kan Turjiyar Cikin Batir

Duk shekara idan 'yan aji ɗaya suka fara shigowa ɗakin gwaje-gwajen fiziks, akwai tarkon da nake ɗana musu. Nakan ajiye batura biyu a kan tebur, manyan nan na tocila, ɗaya sabo fil, ɗaya kuma wanda rediyo ta yi wata guda tana tsotsa. Sai in miƙa wa wani ɗalibi mita in ce ya auna. Sabon yakan nuna wajen bolt 1.55, tsohon kuma bolt 1.45. In na tambaya ko akwai wani bambanci na a-zo-a-gani, sai aji ya ce babu. Daga nan sai in haɗa kowanne da ɗan ƙwan fitila. Na sabon ya haska fayau, na tsohon kuwa sai wani jan zare kamar garwashin da toka ta rufe.

Mita ba ta yi ƙarya ba, ƙwan ma bai yi ƙarya ba. Abin da ke tsakaninsu shi ne turjiyar cikin batir. Ga tambayoyin da ɗalibai suka fi yi mini a kanta, da amsoshin da nake ba su.

Malam, mece ce turjiyar ciki, kuma a ina take zaune?

Turjiya ita ce tirjewar da abu ke yi wa lantarki idan yana ratsa shi, kuma ana auna ta da om, sunan da aka ɗauko daga Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa dokarsa a 1827. Mun saba neman ta a waje: a waya, a ƙwan fitila, a rizisto. Abin da ɗalibi ke mantawa shi ne lantarki zagaye yake yi. Ya fita ta wannan kan batir, ya ratsa ƙwan, ya dawo ta ɗaya kan, sannan dole cajin ya ratsa cikin batir ɗin kansa kafin zagayen ya cika. Wannan hanya ta ciki ita ma ba shimfiɗaɗɗen titi ba ce. Tirjewar da ake gamuwa da ita a can ita ce turjiyar ciki, kuma a lissafi ana rubuta ta da ƙaramin harafin r.

A zanen littafi za ka ga an zana batir da ɗan rizisto a jere da shi, an kewaye su da layi mai ɗigo-ɗigo. Kada ka ɗauka in ka fasa batir za ka tsinci rizisto a ciki. Zanen dabara ce ta lissafi kawai: an tattara duk tirjewar da ke warwatse a cikin batir an mayar da ita lamba ɗaya.

To me ke haddasa ta?

Wanda ya taɓa ganin fasasshen batirin tocila a bola ya san fasalinsa: gwangwanin tutiya a waje, baƙar sandar kabon a tsakiya, baƙin ƙulli mai danshi a tsakaninsu, da takarda siririya da ta raba ƙullin da gwangwanin. Wannan jikan batirin da Georges Leclanché ya ƙirƙira ne a 1866. A cikin wannan ɗan gwangwani akwai wurare uku da lantarki ke shan wahala.

Na farko shi ne danshin nan. A cikin wayar tagulla, ilektiron ne ke ɗaukar caji. A cikin danshin batir kuwa ayon ne ke ɗauka, wato ƙwayoyin sinadari masu caji, waɗanda suka fi ilektiron girma da nauyi nesa ba kusa ba. Dole su kutsa ta cikin ƙulli, su ratsa ƙofofin takarda, suna ta gogayya da abin da ke gabansu. Tafiyarsu tamkar ta mai tura kura ce a cikin kasuwa ranar da take ci.

Na biyu shi ne fuskar da sinadari ke haɗuwa da ƙarfe. A nan ne ake sakin ilektiron a gefe ɗaya ana karɓar su a ɗayan, kuma wannan aiki yana da iyakar saurin da zai iya yi. In ka matsa masa ya yi sauri, sai ya ci wani ɓangare na ƙarfin batir a matsayin ladansa.

Na uku shi ne ƙarafan kansu da mahaɗansu: sandar kabon, hular da ke kanta, da duk inda abu biyu suka taɓa juna.

Doka ɗaya ce ke mulkin duka: hanya mai faɗi kuma gajera tana da ƙarancin turjiya, matsattsiya mai tsawo tana da yawa. Shi ya sa batirin mota yake cike da faifan dalma sirara masu yawa, an jera su dab da juna a cikin ruwan asid mai saurin ɗaukar caji. Turjiyarsa takan kasance wajen om 0.01 ko ƙasa da haka. Sabon ƙaramin batir na alkalin, irin na rimot, yana da wajen om 0.2. Ɗan fefen batir na bolt 3 mai kama da kwabo, wanda ake sa wa a sikeli da makullin mota, nasa yakan kai om 10 ko fiye, domin fuskarsa ba ta wuce farcen babban yatsa ba.

Me ya sa mita ke nuna batir yana da ƙarfi alhali ya mutu?

Ka tuna rijiyar unguwa. Da asuba, kafin kowa ya zura guga, ruwa yana sama. Da hantsi, idan mata da 'yan garuwa sun yi ta ja, sai ya yi ƙasa. Ba wai ruwan ƙasa ya ƙare ba ne. Yana tsattsafowa ne ta cikin yashi, kuma yashin ba ya barin sa ya shigo da saurin da ake ɗiba. Rijiya mai kyakkyawan ido ɗan kaɗan take sauka. Wadda laka ta toshe idonta kuwa, guga goma sun isa a fara jin ƙasa. Amma in ka leƙa su biyun da asuba, duk a cike za ka gan su.

Haka batir yake. Tsayin ruwan asuba shi ne ƙarfinsa na asali, wanda ake rubutawa da E, kuma nau'in sinadaran da ke ciki ne ke yanke shi, ba girman batir ba. Yawan ɗiba shi ne kwararar lantarki, I, da ake aunawa da amfiya. Yashin shi ne r. Abin da ya rage a kawunan batir yayin da ake ɗiba shi ne V:

```
V = E − I × r
```

Mitar dijital da ke hannunka tana da turjiya mai tarin yawa, wajen om miliyan 10 a mafi yawansu, saboda haka kwararar da take ja ba ta taka kara ta karya ba. In I ta kusan sifili, I × r ma sifili ne, ko da r ta yi girma. Mita ta leƙa rijiyar da asuba ke nan. Ƙwan fitila kuwa ɗan garuwa ne, ɗiba yake yi da gaske. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, batir kuma ba a san lafiyarsa sai an ɗora masa kaya.

Ƙarfin da ya ɓace a ciki ba iska ya bi ba. Zafi ya zama, gwargwadon I² × r. Wannan yana daga cikin ɗumin da kake ji a bayan waya idan ta daɗe tana aiki mai nauyi.

Ba sai in juya mita zuwa wajen auna om in ɗora a kan batir ba?

A'a, kuma wannan shi ne kuskuren da na fi gani a makon farko. Idan mita tana auna om, ita ce ke tura 'yar kwarara daga nata batirin ta cikin abin da ake aunawa, ta duba boltej ɗin da ya bayyana, ta yi lissafi. Tana ɗauka abin da ke gabanta matacce ne, ba shi da ƙarfin kansa. Batir kuwa yana da nasa ƙarfin, saboda haka lambar da za ta fito shirme ce, kuma ƙaramar mita tana iya lalacewa.

Ƙanen wannan kuskure ya fi shi haɗari: a juya mita zuwa wajen amfiya a ɗora kai-tsaye a kan kawunan batir, wai a ga iyakar abin da zai bayar a raba E da shi. A wajen amfiya, mita kusan waya ce zalla. A kan batirin tocila za ka ja amfiya da yawa, batir ya yi zafi, fis ɗin mita ya tsinke in ka sa a ƙaramin ma'auni. A kan batirin mota kuwa, bolt 12.6 a raba da om 0.01 ya haura amfiya 1,000 a takarda. Tambayi kowane mai riwaya abin da ke faruwa in sifana ta faɗi ta haɗa kawuna biyu: tartsatsi, narkakken ƙarfe, wani lokaci har batir ya fashe, domin iskar haidirojin da yake fitarwa tana kama wuta. Batirin litiyam na waya ko na kwamfuta shi ma yana iya kamawa da wuta. Turjiyar ciki ba a auna ta kai-tsaye. Gano ta ake yi daga yadda boltej ke sauka.

To yaya zan auna ta da mita ɗaya?

Kana buƙatar mita, rizisto wanda ka san girmansa, da wayoyi gajeru masu baki irin na kada. Ga batirin tocila, rizisto mai om 4.7 ya yi daidai. Ka nemi mai jure wat 1 ko fiye, domin zai ci wajen wat 0.4, kuma ƙananan nan masu jure rubu'in wat za su yi zafi.

Da farko ka auna riziston shi kaɗai, kada ka dogara da launukan jikinsa, domin da yawa suna iya kaucewa da kashi 5 cikin ɗari. Ka kuma haɗa bakunan wayoyin mita da juna ka ga abin da suke nunawa, sau da yawa om 0.2 ko 0.3, ka cire shi daga abin da ka karanta.

Sai ka juya mita zuwa boltej na batir, ka auna batir ba tare da komai a haɗe ba. Wannan shi ne E. Ka bar mitar a manne da kawunan batir, ka haɗa riziston, ka ƙirga daƙiƙa biyu zuwa uku, ka karanta V, ka cire nan take.

Bari mu koma kan batura biyun nan na tebur. Sabon ya nuna bolt 1.55 a sake, da aka haɗa rizisto ya sauka zuwa 1.40:

```
I = V / R = 1.40 / 4.7 = 0.298 A
E − V = 1.55 − 1.40 = 0.15 V
r = 0.15 / 0.298 = 0.50 Ω
```

Tsohon ya nuna 1.45 a sake, da rizisto kuwa ya faɗo zuwa 0.94:

```
I = 0.94 / 4.7 = 0.20 A
E − V = 1.45 − 0.94 = 0.51 V
r = 0.51 / 0.20 = 2.55 Ω
```

Ka ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfin asali ya ragu da ƙasa da kashi 7 cikin ɗari kawai, amma turjiyar ciki ta ninka sau biyar. A tsohon batir, fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin yana ƙarewa a ciki kafin ya leƙo waje. In kana son taƙaita lissafin, layi ɗaya ya isa:

```
r = R × (E − V) / V
```

Me ya sa a ɗakin gwaji ake sa mu zana giraf, alhali awo biyu sun isa?

Domin awo biyu ba su da mai shaida. In ɗaya ya kauce, amsarka ta kauce, kuma ba ka da hanyar sani. Awo biyar ko shida kuwa suna tona asirin juna.

Ana haɗa batir da makunni, da mitar amfiya, da rizisto mai canzawa, duk a jere. Mitar boltej kuma a kan kawunan batir. Ka fara da turjiya mafi girma, ka danna makunni, ka karanta mitocin biyu, ka saki. Ka rage turjiyar, ka sake. A ce ka samu wannan:

```
I (A):  0.10   0.20   0.30   0.40   0.50
V (V):  1.49   1.45   1.39   1.34   1.29
```

Ka sa I a layin kwance, V a layin tsaye. Ɗigon za su jeru suna gangarowa. Ka ja miƙaƙƙen layi guda da ya fi ratsa tsakiyarsu, kada ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana haɗawa. Inda layin ya taɓa layin tsaye, wato inda I take sifili, shi ne E. A nan wajen 1.54. Tsananin gangarar layin kuma shi ne r. Daga amfiya 0.10 zuwa 0.50, boltej ya sauka da 0.20, kwarara ta hau da 0.40, saboda haka r ita ce om 0.5. Gangarar za ta fito da alamar ragi domin layin sauka yake yi. Turjiyar kanta ba ta da alamar ragi, kuma ɗalibai da yawa suna zubar da maki a nan.

Akwai kuma tsohuwar hanya ta fotenshiyomita, wadda har yanzu take cikin manhaja: waya mai tsawon mita ɗaya a kan katako, wani batir dabam yana ciyar da ita. Kana zame ɗan ƙarfen taɓawa har allurar galbanomita ta tsaya a sifili. Ka rubuta tsawon farko, l₁, batir yana sake, da na biyu, l₂, bayan an haɗa masa rizisto R:

```
r = R × (l₁ − l₂) / l₂
```

In l₁ santimita 77.5 ne, l₂ kuma 70.0, da R mai om 4.7, amsar ita ce om 0.50. Lissafi ɗaya ne da na ɗazu, tsawon waya ne kawai ya maye gurbin boltej. Fifikon wannan hanya shi ne, a daidai wurin da allura ta tsaya, ba a jan komai daga batir ta wannan reshe, don haka E ɗin da aka samu na gaskiya ne. Kafin zuwan mitocin dijital wannan babban abu ne, domin mitoci masu allura suna jan kwarara mai ɗan dama.

Na yi duk wannan amma amsata ta bambanta da ta abokina. Ina matsalar take?

Yawanci ɗayan abubuwa huɗu ne, kuma kowanne yana da alamarsa.

Rizisto ya yi girma. In ka sa mai om 1,000 a kan sabon batirin nan, saukar ba za ta kai kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba. Mita za ta nuna 1.55 da 1.55, ka rubuta cewa r sifili ce. Ko da om 4.7 ma, saukar 0.15 ce kawai. In kowane awo ya kauce da 0.01, amsar tana iya kaucewa da kashi 13 cikin ɗari. Maganinsa shi ne ka sa mita a ma'aunin bolt 2, inda take nuna lambobi uku bayan ɗigo, ka kuma zaɓi riziston da zai sauke boltej da wajen kashi ɗaya cikin goma.

Mitar boltej ba ta kan batir. In ka ɗora ta a kan rizisto, alhali mitar amfiya da dogayen wayoyi suna tsakani, to turjiyarsu ta shiga lissafinka ta fake da sunan r. Alamarsa ita ce amsa ta fi yadda ake zato girma, kuma tana canzawa in ka canza ma'aunin mitar amfiya.

Mahaɗi ya yi tsatsa ko ya saki. Gidan batir mai tsatsa a sifirin yana iya ƙara rabin om shi kaɗai. Alamarsa: ka taɓa waya, lambar ta yi tsalle. Ka goge da 'yar samfefa, ka matse.

An bar makunni a danne. Kana rubutu, batir yana zuba. Alamarsa ita ce lambar tana zamewa ƙasa a hankali kana kallo, ɗigon ƙarshe na giraf kuma su lanƙwasa su bar layi. Ka sake auna E bayan ka gama. In bai dawo kusa da na farko ba, ka gajiyar da batir, sai ka bar shi ya huta ka sake.

Batura takwas na rimot bolt 12 ne. Me zai hana su tayar da mota?

Turjiyar ciki ce za ta hana. In ka jera batura, ƙarfinsu yana haɗuwa, turjiyarsu ma tana haɗuwa. Takwas sau om 0.2 ya zama om 1.6. Ko da ka haɗa kawunansu da waya zalla, abin da zai fito bai wuce 12 a raba da 1.6 ba, wato amfiya 7.5, kuma a lokacin ba sauran boltej a waje. Kik ɗin ƙaramar mota yana son amfiya 100 zuwa 200.

Batirin mota yana da ɗakuna shida, kowanne wajen bolt 2.1, jimla 12.6 in ya cika. A ce kik ya ja amfiya 150, turjiyar kuma om 0.01 ce. Asarar bolt 1.5 ce, saura 11.1, inji ya tashi. Wannan saukar ce kake gani in fitilun mota suka dushe a lokacin da aka murɗa makulli. In batir ya tsufa turjiyarsa ta kai om 0.04, irin wannan kwarara za ta ci bolt 6, saura 6.6, abin da ba zai juya inji ba. Sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas, alhali rediyo da hon suna aiki, domin su ɗan kaɗan suke ja. Ƙa'idar da masu gwajin batir ke bi ita ce, a ƙarƙashin kaya mai nauyi kada lafiyayyen batir ya sauka ƙasa da wajen bolt 9.6.

Kafin ka yanke wa batir hukunci, ka duba kawunansa. Farin garin nan da ke taruwa a kansu turjiya ce ta waje mai sanye da rigar ta ciki. Ka ɗora bakin mita ɗaya a kan dalmar batir, ɗaya a kan maƙalin da ya kama ta, a murɗa makulli. In ka ga rabin bolt a tsakanin abubuwa biyu da ke manne da juna, laifin na mahaɗi ne, kuma burushin ƙarfe zai yi maganin abin da ka so kashe kuɗin sabon batir a kai.

Shin r lamba ce tsayayya, kamar ta rizisto?

A'a, kuma nan ne zanen littafi ya gaza. Tana motsi da abubuwa uku.

Tana motsi da zafi. Sanyi yana sa ayon su yi nauyin tafiya, aikin sinadari ya ja baya, r ta hau. Shi ya sa a Jos ko Agadez, da sanyin asubar hunturu, motar da ta tashi lafiya jiya da rana take ƙin tashi, ga kuma baƙin mai ya yi kauri yana neman ƙarin ƙarfi. Shi ya sa kuma dabarar yara ta shanya mataccen batir a rana take aiki: ɗumi da hutu sun sauke r, rediyo ta ƙara yin magana na ɗan lokaci. Ba caji rana ta yi masa ba. Zafi mai ɗorewa kuwa tsufar da batir yake yi, ya ƙafar da ruwansa, ya cinye faifansa. Cizon batir da wasu ke yi don ya farfaɗo, a bar shi. Abin da ke ciki ba na baki ba ne.

Tana motsi da yawan cajin da ya rage. A batirin dalma, yayin da yake zuba, asid yana shiga faifai ya zama gishirin dalma mai ƙin lantarki, ruwan kuma ya tsinke. In aka yi caji da wuri, gishirin yana komawa. In aka bar batir a sauke makonni, sai ya daskare ya ƙi komawa, ya toshe fuskar faifai kamar yadda laka ke toshe idon rijiya.

Tana motsi har da daƙiƙar da ka karanta mita. Da ka haɗa kaya, boltej yana faɗuwa nan take saboda ƙarafa da ruwan ciki, sannan ya ci gaba da zamewa a hankali yayin da ayon na kusa da faifai ke ƙaranci. Wanda ya karanta a daƙiƙa ta biyu da wanda ya karanta a ta talatin ba za su sami r ɗaya ba, kuma babu wanda ya yi kuskure. Injinan gwaji na masana'anta suna kauce wa wannan ta hanyar tura 'yar kwarara mai kai-da-komo sau 1,000 a daƙiƙa, kuma lambar da suke bayarwa takan fi taka ƙanƙanta. Saboda haka in za ka rubuta r a rahoto, ka rubuta da kwararar da ka ja, da tsawon lokacin, da zafin ɗakin.

Batirin solarmu yana cika da wuri, ya kuma mutu da wuri. Wannan ma ita ce?

Tana da hannu a ciki, tare da raguwar abin da batir ke iya riƙewa. A lokacin caji kwarara ta juya, alamar lissafin ma ta juya:

```
V = E + I × r
```

In r ta yi girma, da an fara tura caji sai boltej na kawuna ya yi sama. Na'urar caji ba ta ganin cikin batir, kawuna kawai take gani, sai ta ɗauka ya cika ta rage turawa. Da dare kuma labari ya juye. Inbata mai ɗauke da kayan wat 600 a kan bolt 12 tana jan amfiya 50 ko fiye. Da turjiyar om 0.03, bolt 1.5 ya tafi nan take. Batirin da ke zaune a 12.2 ya koma 10.7, dab da wajen 10.5 inda inbata da yawa ke fara kuka su yanke wuta. Kana kashe kayan, sai boltej ya dawo sama da 12, mai gida ya ce inbata ce ta lalace.

Ga aikin da nake ba ɗalibai su yi a gida, kuma ba ya buƙatar buɗe komai. Ka auna batirin da yamma, bayan an cire caji ya huta awa ɗaya. Ka kunna kayan da ka san wat ɗinsu, ka sake aunawa a kan dalmar batir bayan daƙiƙa uku. Ka raba wat da boltej don ƙiyasta kwarara, ka ƙara kamar kashi ɗaya cikin goma saboda asarar inbata, sannan ka raba saukar boltej da ita. Ka rubuta amsar da kwanan wata a takarda, ka manna a bango kusa da batir. Bayan wata uku ka sake, da kaya iri ɗaya, a lokaci iri ɗaya. Ranar da lambar ta ninka ta farko, ka fara tara kuɗin sabo, ko da mita tana nuna maka 12.6 da asuba.